Layin Supertrend: Yadda Ake Lissafa Shi da Yadda Ake Zaɓen Lambobinsa Biyu

Supertrend layi ne guda ɗaya da manhajojin nazarin kasuwa ke zanawa a kan jadawalin farashin hannun jari, zinariya, kuɗaɗen ƙasashe ko kuɗin kirifto. Idan farashi yana hawa, layin yakan bi shi ta ƙasa, galibi da launin kore. Idan farashi ya karye ya rufe a ƙarƙashinsa, sai layin ya koma sama ya zama ja, ya riƙa bin farashin yana gangarowa. Ana jingina ƙirƙirarsa ga wani ɗan kasuwa Bafaranshe mai suna Olivier Seban, amma ginshiƙin da aka ɗora shi a kai ya girme shi nesa ba kusa ba. Ginshiƙin shi ne ma'aunin da ake gani a allo da sunan Average True Range, a taƙaice ATR, wanda Ba'amurken injiniya J. Welles Wilder ya fito da shi a littafinsa New Concepts in Technical Trading Systems a shekarar 1978.

Lambobi biyu kawai mai amfani da layin yake shigarwa. Ta farko ita ce zango, wato yawan kwanakin da ake auna motsin farashi a kansu. Ta biyu ita ce ninki, wato sau nawa za a ninka wannan motsi don a san nisan da layin zai tsaya daga farashi. A manhajar TradingView sunayensu ATR Length da Factor, kuma sukan zo a saite a kan 10 da 3. Mafi yawan mutane a haka suke barinsu, wasu kuma su yi ta sauya su har sai jadawalin baya ya yi musu kyau a ido. Duka ɓangarorin biyu sukan yi hakan ba tare da sanin abin da kowace lamba ke sayo musu da abin da take ci musu ba, alhali lissafin bai wuce tarawa, ninkawa da rabawa ba.

Abin da ATR ke aunawa

Kowane kyandir a jadawali yana ɗauke da farashin buɗewa, mafi tsada, mafi araha da na rufewa. A nan za a ɗauki kyandir ɗaya a matsayin yini ɗaya, ko da yake yana iya zama awa ɗaya ko minti biyar. Hanya mafi sauƙi ta sanin yadda farashi ya yi kai-komo a yini ita ce a cire mafi araha daga mafi tsada. Wilder ya ga giɓi a wannan hanya. Kasuwa takan rufe jiya a naira 504, labari ya fito da dare, ta buɗe yau a 510 ba tare da an yi ciniki ko ɗaya a tsakani ba. Wannan tsalle motsi ne na gaske da ya shafi aljihun mai riƙe da hannun jarin, amma kyandir ɗin yau shi kaɗai ba zai nuna shi ba. Don haka ya ce a auna tazara uku a ɗauki mafi girma: tsakanin mafi tsada da mafi araha na yau, tsakanin mafi tsada na yau da rufewar jiya, da tsakanin mafi araha na yau da rufewar jiya.

```
TR  = max(H - L, |H - C1|, |L - C1|)
ATR = (ATR1 * (n - 1) + TR) / n
```

A nan H shi ne mafi tsada, L mafi araha, C1 rufewar jiya, ATR1 ma'aunin jiya, n kuma zango. Layi na biyu shi ne salon Wilder na fitar da matsakaici. Idan zango 10 ne, ma'aunin jiya yana da kashi tara cikin goma na nauyi, motsin yau kuma kashi ɗaya. ATR ba ya faɗin inda farashi ya dosa. Girman takunsa kawai yake faɗa, kuma da kuɗin da ake cinikin yake faɗarsa: naira 10 a yini, ko dala 25 a yini. A kasuwar kirifto da ba ta rufewa dare da rana, tsallen buɗewa bai cika faruwa ba, don haka tazarar farko ce kusan kullum take rinjaye. A hannun jari da ke kwana a rufe, sauran biyun suna da tasiri sosai.

Yadda layin ke tafiya

Daga nan sai a nemo tsakiyar kyandir, wato a tara mafi tsada da mafi araha a raba biyu. A ninka ATR da ninkin da aka zaɓa. Idan aka cire sakamakon daga tsakiyar, an sami iyakar ƙasa. Idan aka ƙara, an sami iyakar sama. Kullum ana lissafa duka biyun, amma ɗaya kawai ake nunawa a allo.

Abin da ya bambanta Supertrend da sauran layukan iyaka shi ne ƙa'idar rashin ja da baya. Muddin farashi yana rufewa a saman iyakar ƙasa, iyakar tana iya hawa ko ta tsaya cik, amma ba ta sauka. Idan lissafin yau ya ba da lamba ƙasa da ta jiya, ta jiya ake riƙewa. Haka iyakar sama take a lokacin faɗuwa: tana sauka ko ta tsaya, ba ta hawa. Shi ya sa layin yake kama da matakalar bene. Launi kuma ba ya sauyawa sai kyandir ya rufe a ɗaya gefen layin. Taɓa shi a tsakiyar yini bai isa ba.

Misali na ƙirƙira zai fi fito da abin fili. A ɗauka akwai hannun jarin wani kamfani da ATR ɗinsa yake naira 10, zango 10, ninki 3, layi kuma kore ne. Ranar Litinin mafi tsada 506, mafi araha 494, an rufe a 504. Tsakiya 500 ce, a cire 30, layi yana kan 470.

Ranar Talata farashi ya buɗe da tsalle: mafi tsada 520, mafi araha 508, rufewa 518. Faɗin kyandir ɗin 12 ne kawai, amma daga rufewar jiya zuwa mafi tsada na yau akwai 16, don haka 16 ake ɗauka. Sabon ATR ya zama 10.6. Tsakiya 514, a cire 31.8, layi ya hau zuwa 482.2.

Ranar Laraba kasuwa ta ja da baya: mafi tsada 519, mafi araha 499, rufewa 503. Motsin yinin 20 ne, ATR ya zama 11.54, lissafin iyaka ya ba da 474.4. Tunda wannan bai kai 482.2 ba, layi ya tsaya inda yake. Ranar Alhamis farashi ya ƙara zamewa, mafi tsada 505, mafi araha 491, aka rufe a 495. Har yanzu yana saman 482.2, layi yana nan kore.

Yanzu a maimaita waɗannan kwanaki huɗu da ninki 1.5. Litinin layi yana kan 485, Talata ya hau zuwa 498.1, Laraba ya tsaya. Rufewar Alhamis a 495 ta faɗo ƙarƙashinsa, sai ya juya ja ya koma sama a wajen 515.7. Kasuwa ɗaya, kwanaki ɗaya, amma wani ya sayar, wani yana riƙe. Idan a mako mai zuwa farashi ya farfaɗo ya rufe a 517, mai ƙaramin ninki zai sake saye da tsadar naira 22 a kan inda ya sayar, ban da kuɗin dillali sau biyu. Idan kuwa faɗuwar ta gaske ce, ya tsira a 495, mai ninki 3 kuma zai jira har a rufe ƙasa da 482.2, wataƙila a 478, ya yi asarar ƙarin naira 17. A daren Alhamis babu wanda ya san wanne ne zai faru, kuma babu saitin da zai sanar da shi.

Farashin da ninki ke karɓa

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata duk mai amfani da layin ya riƙe a ka. Layi ba ya zama kore sai farashi ya tashi daga ƙasan da ya kai da kimanin ninki sau ATR. Ba ya kuma komawa ja sai farashi ya sauko daga ƙololuwarsa da kimanin wannan adadin. Ke nan ana biyan wannan tazara sau biyu, a shiga da a fita. Da ninki 3 da ATR na naira 10, ana rasa kusan naira 30 a farkon tafiya da wata 30 a ƙarshenta. Hawan da bai kai naira 60 daga tushe zuwa ƙololuwa ba, ko da ya yi kyau a jadawali, asara zai bari ko a tashi ba riba ba faɗuwa. Hawan naira 150 kuwa zai bar kusan 90. Lissafin kimantawa ne, domin ATR yana sauyawa a hanya kuma rufewa takan zarce layi, amma yana bayyana ɗabi'ar ma'aunin gaba ɗaya.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa Supertrend yake wahalar da mutane a kasuwar da ta tsaya tana kai-komo tsakanin iyakoki biyu. Idan farashi yana yawo tsakanin 480 da 520, faɗin filin naira 40 ne, wato ATR huɗu. Layi mai ninki 3 zai iya cewa a saya a wajen 510, dab da rufin, ya ce a sayar a wajen 490, dab da ƙasan, ya kuma maimaita hakan sau uku ko huɗu a jere. Alamar wannan yanayi a bayyane take: layin yana shimfiɗe na tsawon kwanaki, launi yana sauyawa a kai a kai, kuma kowace sayarwa tana ƙasa da sayen da ya gabace ta. Wannan ba lalacewar ma'aunin ba ce. Haka aka gina shi, yana tara ƙananan asarori yana jiran doguwar tafiya ɗaya da za ta biya su.

Ƙaramin ninki, kamar 1.5 ko 2, yana rage kuɗin shiga da fita, don haka yana iya cin riba a gajerun tafiye-tafiye. Sai dai ja da baya na yau da kullum yana isa ya fitar da mutum, kuma yawan ciniki yana ƙara kuɗin dillali da tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Babban ninki, kamar 4 ko 5, yana jure girgiza ya bar mutum cikin tafiya ta watanni, amma yana buƙatar hawan da ya kai ATR takwas zuwa goma kafin a ga riba, irin wannan kuwa ba kowace shekara ake samunsa a kowace kasuwa ba.

Hanya mai ma'ana ta zaɓe ita ce a tambayi kasuwar da kanta. A buɗe jadawalin abin da ake son cinikinsa, a nemo lokutan da ya yi doguwar tafiya a shekarun baya, a auna zurfin kowane ja da baya da bai kashe tafiyar ba, a raba shi da ATR na lokacin. Idan yawancinsu sun tsaya tsakanin ATR biyu da biyu da rabi, ninki 3 yana bayansu kaɗan, kuma wurin da ya dace ke nan. Idan abu ne mai yawan fizge-fizge da yakan ja baya da ATR uku da rabi sannan ya ci gaba, ninki 3 zai riƙa fitar da mutum a daidai lokacin da bai kamata ba.

Ninki yana kuma yanke yawan abin da za a saya, kuma a nan ne mutane da dama suke tuntuɓe. Mai jarin naira 1,000,000 da ya ƙudura ba zai yarda ya rasa fiye da kashi 1 cikin 100 a ciniki ɗaya ba, naira 10,000 ke nan. Idan ya saya a 504 layi yana 470, kasadarsa naira 34 ce a kowane hannun jari, don haka 294 zai saya. Da ninki 1.5, tazarar 19 ce, zai iya sayen 526. Wanda ya faɗaɗa ninki don ya huta da yawan fita, amma bai rage yawan abin da yake saya ba, ya ninka asarar da zai yi ranar da layin ya karye. Ko da an kiyaye wannan, asarar tana iya zarce lissafi, domin kasuwa tana iya buɗewa da tsalle can ƙasa da layin.

Aikin zango

Zango bai kai ninki tasiri ba, duk da yawan muhawarar da ake yi a kansa. A kwanakin da kasuwa take tafiya daidai wa daida, ATR na kwana 7 da na kwana 20 kusan lamba ɗaya suke bayarwa. Bambancinsu yana fitowa ne ranar da aka sami girgiza. A ɗauka ATR yana kan 10, sai labari ya faɗo farashi ya yi motsin naira 40 a yini ɗaya. Zango 7 zai kai ma'aunin 14.3, zango 10 ya kai shi 13, zango 14 da Wilder ya saba amfani da shi ya kai shi 12.1, zango 20 kuma 11.5. Da ninki 3, tazarar layi za ta kama daga kusan naira 43 zuwa 34.5. Bambancin bai kai naira 9 ba a ranar da ta fi kowace rana hargitsi, alhali sauya ninki daga 2 zuwa 4 yana mayar da tazarar daga 20 zuwa 40 a kowace rana.

Gajeren zango yana saurin kumbura, yana kuma saurin mantawa. A salon Wilder, tasirin rana ɗaya yana raguwa zuwa rabi bayan kwana huɗu da rabi a zango 7, bayan kwana shida da rabi a zango 10, bayan kwana goma sha uku da rabi a zango 20. Saboda ƙa'idar rashin ja da baya, kumburin ATR ba ya nisanta layin da ke aiki. Tsayar da shi kawai yake yi, ko da farashi ya ɗan ci gaba da hawa. Inda kumburin yake ciwo shi ne bayan juyawa. Idan babban kyandir ɗaya ya karya layi, sabon layin da zai bayyana a ɗaya gefen zai tsaya nesa ƙwarai, ya sa dawowa ta yi jinkiri. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ba kowa ke lura da shi ba: idan kasuwa ta yi tsit, ATR yana raguwa, layin kore sai ya riƙa matsowa kusa da farashi ko da farashin bai motsa ba. Da gajeren zango matsowar tana da sauri, har motsi ɗaya matsakaici ya isa ya juya launi. Wanda wannan ya dame shi, tsawaita zango zuwa 14 ko 20 ya fi masa amfani a kan ƙara ninki.

Dole kuma a tuna cewa zango kyandirori yake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Lamba 10 a jadawalin yini mako biyu ne na ciniki, a jadawalin minti biyar kuwa minti hamsin ne. A gajerun jadawalai ATR ƙarami ne, amma kuɗin dillali bai ragu ba, don haka kason da yake ci daga kowace riba ya fi girma nesa ba kusa ba.

Gwaji da tarkonsa

Manhajoji da yawa suna ba da damar gwada saiti a kan farashin shekarun baya. A harshen Pine Script na TradingView, layi ɗaya ne yake kiran ma'aunin:

```
[st, dir] = ta.supertrend(3, 10)
```

Ninki ne a farko, zango a biyu, kuma dir yana zama ƙasa da sifili a lokacin hawa, abin da yakan rikita masu farawa su juya sharaɗin saye da na sayarwa.

Babban tarko shi ne a gwada haɗi ɗari a ɗauki wanda ya fi riba. A cikin haɗi ɗari dole wani ya yi fice, ko da sa'a ce kawai ta sa ya tsallake wata mummunar rana da naira ɗaya. Ana gane irin wannan ta duban maƙwabtansa. Idan ninki 2.7 da zango 11 sun ba da riba mai yawa, amma 2.5 da 3 sun ba da asara, to an dace da tarihi ne, ba a gano ɗabi'ar kasuwa ba. Saitin da za a dogara da shi shi ne wanda yake tsakiyar fili mai faɗi, inda 2.5, 3 da 3.5 duk suka ba da sakamako mai kama da juna. Ya kamata kuma a raba tarihin biyu, a yi zaɓe a kan kashin farko, a gwada a kan na biyu sau ɗaya ba tare da gyara ba. A saka kuɗin dillali a lissafi, a kuma ƙirga yawan cinikin da gwajin ya ƙunsa, domin sakamakon ciniki takwas ko goma bai isa hujja ba. Yana da kyau a cire ciniki ɗaya mafi riba a sake duba jimla. A tsarin bin tafiyar farashi ba abin mamaki ba ne a tarar cewa ciniki biyu ko uku ne suka ɗauki nauyin sauran duka, kuma mai shirin amfani da shi ya kamata ya san haka tun kafin asarori biyar su jeru masa.

Wasu suna rage wahalar kasuwa mai kai-komo ta ƙin karɓar alamar kore sai farashi yana saman matsakaicin kwana 200, ko sai ma'aunin ADX, wanda shi ma na Wilder ne, ya haura 20 ko 25. Wannan yana rage yawan cinikin banza, yana kuma jinkirta shiga tafiya ta gaske, kuma kowane sharaɗi da aka ƙara wata lamba ce da za a iya lanƙwasa ta ta dace da tarihi.

Abubuwa biyu na aiki sukan sa abin da aka gani a gwaji ya saɓa da abin da ke faruwa a zahiri. Na farko, kyandir ɗin da bai rufe ba yana iya sa layi ya juya ja da azahar ya koma kore kafin a tashi kasuwa, kuma jadawalin gobe ba zai nuna wannan juyi ba ko kaɗan. Gwaji a kan rufewa yake, don haka wanda ya yi aiki da launin tsakar rana wani tsari dabam yake bi wanda bai gwada ba. Na biyu, ba duk manhajoji ne suke lissafa ATR da salon Wilder ba. Wasu suna tara motsin kwanakin zango su raba daidai. A wannan salo ranar girgiza tana riƙe da cikakken nauyinta har kwanakin zango su cika, sannan ta fice gaba ɗaya a rana guda, sai layin ya yi tsalle ba tare da farashi ya yi wani abu ba. Saboda haka 10 da 3 a wata manhaja suna iya juyawa kwana ɗaya ko biyu kafin 10 da 3 a wata, kuma kafin a ɗauki saitin da aka gwada a wuri ɗaya a kai shi wani, sai an duba wane salon matsakaici kowace take amfani da shi.